Bayanin Taron Daidaita Aiki na Bakwai: Ginin Benen Ajujuwa Takwas na Makarantar Islamiyyar Unguwa, Rijiyar Zaki, Kano

Rana: Asabar, 17 ga Mayu, 2025
Lokaci: ƙarfe 10:15 na safe zuwa 12:40 na rana
Wuri: rumfar da ke filin ginin, bayan an zagaya aikin

Mahalarta: Alhaji Sa'idu, shugaban kwamitin gini, wanda ya jagoranci zaman; Injiniya Bashir, mai sa ido kan aikin a madadin kwamiti; Alhaji Nasiru, ɗan kwangila; Malam Idi, foman; Malam Tanko, shugaban masu ɗaurin rodi; Malam Sale, kafinta; Auwalu, mai wayarin; Hajiya Rabi, ma'aji; Malam Lawan, shugaban makaranta; Malam Hamisu, wakilin Mai Unguwa; Kabiru, sakatare.

Uzuri: Malam Ɗahiru mai aikin famfo, yana wajen rasuwar yayarsa. An yi mata addu'a. Malam Idi zai kai masa abin da ya shafe shi yau da yamma.

Malam Lawan ya buɗe taro da addu'a.

1. Bayanin taron baya

An karanta bayanin taron 3 ga Mayu, an amince da shi da gyara guda: kaurin dekin milimita 150 ne kamar yadda yake a zanen da hukumar tsara birane ta jihar Kano, KNUPDA, ta amince da shi, 125 da aka rubuta kuskure ne. Cikin ayyuka shida da aka raba a wancan zama an kammala huɗu. Saura shingen kwano da magudanar ruwa, suna sashe na 6.

2. Ɗaurin rodi da ranar zuba dekin

Nan aka fi daɗewa. Alhaji Nasiru ya nemi a zuba kankare ranar Laraba mai zuwa, 21 ga Mayu. Hujjarsa ita ce hadari ya fara haɗowa, katakon da aka shimfiɗa yana shan rana yana lanƙwashewa, kuma kuɗin hayar gora yana ta hawa kullum. Duk wannan gaskiya ne, kwamiti bai musa ba.

Injiniya Bashir ya ƙi amincewa da ranar, ya kuma nuna dalili a kan benen kowa yana gani. A aji na uku da na huɗu ya ɗora tef, tazarar rodi mai milimita 12 ta kai 250 a wurare da dama, alhali zane ya ce 200. A bim ɗin da ya ratsa baranda rodi mai milimita 16 guda uku ne a ƙasa, zane ya ce huɗu. Sannan babu biskit ko ɗaya ƙarƙashin ragar rodin, wato 'yan ƙananan dunƙulen siminti da ke ɗaga rodi daga katako, rodin yana kwance kai tsaye a kan katako. Ya ce in aka zuba haka, kankare ba zai lulluɓe ƙarfen ta ƙasa ba, danshi zai same shi ya yi tsatsa, bayan 'yan shekaru silin ya fara ɓantarewa a kan yara.

Malam Tanko ya ce rodin da aka sauke masa ne bai isa ba, shi ya sa yaransa suka buɗa tazarar. Shugaba ya ce masa: "Malam Tanko, in kaya bai isa ba a tsaya a faɗa mana. Yara ɗari uku za su zauna ƙarƙashin wannan dekin." Ya nemi a rubuta maganar yadda ya faɗe ta, an rubuta.

Matsaya:
(a) Ba za a zuba ko cikin baro ɗaya na kankare ba sai Injiniya Bashir ya sa hannu a takardar duba aiki.
(b) Alhaji Nasiru zai kawo rodi mai milimita 12 guda 40 da mai milimita 16 guda 6, da kuɗinsa, kafin azahar ranar Litinin, 19 ga Mayu.
(c) Malam Tanko zai kwance ragar aji na uku da na huɗu ya maimaita ta a tazarar 200, ya cike rodin bim ɗin baranda. Wa'adi: Alhamis, 22 ga Mayu.
(d) Malam Idi zai sa a buga biskit mai kaurin milimita 25 gobe Lahadi domin ya bushe, a saka shi ƙarƙashin raga kafin Juma'a, 23 ga Mayu.
(e) Injiniya Bashir zai duba aikin ranar Litinin, 26 ga Mayu, ƙarfe 9:00 na safe, tare da Malam Idi da Malam Tanko da Malam Sale.
(f) Ranar zuba dekin: Laraba, 28 ga Mayu, daga ƙarfe 6:00 na safe, a gama a ranar. In ruwan sama ya hana, sai Asabar, 31 ga Mayu. Injiniya ne kaɗai zai ɗage ranar.

Alhaji Nasiru ya karɓi matsayar, ya roƙi a rubuta cewa kuɗin hayar gora na ƙarin mako guda zai nema daga kwamiti. Kwamiti bai amince ba, tunda jinkirin daga ɓangarensa ya fito.

3. Gora da katako

Malam Sale zai ƙara gora a ƙarƙashin aji na ɗaya, inda wasu suke tsaye a kan turɓaya babu falanki ƙarƙashinsu. Ruwa ɗaya ya isa ya sa su nutse. Kowace gora a ɗora ta a kan falanki, tazara kada ta wuce milimita 600, a toshe kafofin katako inda ruwan siminti zai zurare. Wa'adi: Juma'a, 23 ga Mayu. Ba za a cire gora ko ɗaya ba sai dekin ya cika kwana 21, wato Laraba, 18 ga Yuni, shi ma da izinin Injiniya a rubuce.

4. Matakala

Malam Lawan ya kawo ƙorafin cewa faɗin matakala na mita 1.2 ya yi kaɗan. Ya ce duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar makarantar lokacin tashi ya san yara ba sa saukowa ɗaya bayan ɗaya, tururuwa suke yi, ƙanana a tsakiyar manya. Hajiya Rabi ta goyi bayansa. Injiniya ya ce za a iya faɗaɗa ta zuwa mita 1.5, amma dole a yanke yau, domin bakin matakalar a jikin dekin yake, in an zuba shi ke nan sai fasawa.

Matsaya: an amince da mita 1.5, da ƙarfen kariya mai tsayin mita 1.1. Injiniya Bashir zai miƙa gyararren zane ga Malam Idi ranar Talata, 20 ga Mayu, ya kuma shigar da kwafi a fayil ɗin izinin gini. Alhaji Nasiru ya ƙiyasta ƙarin naira 380,000 da baki. Zai kawo lissafin a rubuce, dalla-dalla, ranar Laraba, 21 ga Mayu. Hajiya Rabi ba za ta biya wani ƙarin aiki ba sai da sa hannun Shugaba da Injiniya.

5. Kaya, ruwa da ranar zubi

Lissafin Injiniya: dekin da bim kusan mita kubik 55, a kwaɓin 1:2:4, buhun siminti 350. Akwai 120 a sito. Hajiya Rabi za ta saki naira 2,300,000 na buhu 230 ranar Alhamis, 22 ga Mayu, a cire daga kashi na biyu na kuɗin kwangila. Alhaji Nasiru zai sauke simintin ranar Asabar, 24 ga Mayu, Kabiru ya ƙirga a gaban maigadi. A jera shi a kan katako nesa da bango, a rufe da tamfol.

Yashin da ke wurin akwai laka a ciki, an damƙa a hannu ya dunƙule. Ba za a yi dekin da shi ba, a ajiye shi don cikon ƙasa. Alhaji Nasiru zai kawo yashin kogi mai tsafta da tsakuwa kafin Lahadi, 25 ga Mayu.

Haka kuma bulo mai inci 9 guda 800 da aka sauke makon jiya. Malam Idi ya saki uku daga tsayin ƙirji, duka sun ruguje. A mayar da su ga mai su kafin Alhamis, 22 ga Mayu, kada a biya.

Ranar zubi Alhaji Nasiru zai tanadi injin kwaɓa biyu, injin girgiza kankare ɗaya, janareto da fitilu ko aiki zai kai dare, da tamfol da zai rufe wurin da aka zuba in hadari ya taso. Malam Idi zai tsaya a bakin injin da kansa domin kada lebura su ƙara ruwa don sauƙin ɗauka. Injiniya zai ɗebi samfuri shida, a gwada uku ranar 4 ga Yuni, uku ranar 25 ga Yuni.

Auwalu zai shimfiɗa bututun waya da akwatunan fanka da na fitila ranakun Juma'a 23 da Asabar 24 ga Mayu, bayan Malam Tanko ya sauka. Kada ya yanke rodi ko ya ture shi. Zai toshe bakin kowane bututu, zai kuma kasance a wurin ranar zubi. Malam Ɗahiru zai saka bututun saukar ruwan sama guda huɗu kafin Asabar, 24 ga Mayu.

Ban ruwa: Hajiya Rabi ce ta tuna wa taro abin da kowa ya manta, cewa Babbar Salla za ta kama wajen 6 ko 7 ga Yuni, ma'aikata duk za su tafi gida, dekin kuma bai cika mako biyu ba. Kankaren da ya bushe da wuri a wannan zafin tsagewa yake yi. An yanke a yi ban ruwa safe da yamma har kwana 14, zuwa 11 ga Yuni, a shimfiɗa buhunan algarara a riƙa jiƙa su. Daga 5 zuwa 9 ga Yuni maigadi Malam Ado ne zai yi, a ba shi naira 3,000 kullum daga asusun kwamiti. Malam Lawan ya ba da izinin jan ruwa daga rijiyar burtsatsen makaranta, zai kuma leƙa kowace yamma.

6. Tsaro da maƙwabta

Shingen kwano tsakanin gini da tsofaffin ajujuwa bai tashi ba, karo na biyu ke nan ana ɗagewa. Ranar Laraba an ga yara biyu suna wasa a kan tulin tsakuwa. Shugaba ya nuna ɓacin ransa sosai, kuma da gaskiyarsa. Malam Sale zai kafa shingen kafin magaribar gobe Lahadi, 18 ga Mayu. In Litinin ta waye babu shinge, Malam Lawan yana da ikon tsayar da aikin gaba ɗaya. Ranar zubi babu karatu.

Hular kwano da takalmin roba wajibi ne ga duk wanda zai hau sama. Alhaji Nasiru zai ƙaro hula 15 kafin 26 ga Mayu.

Malam Hamisu ya isar da koken maƙwabta: yashi ya toshe kwatar layin, tifa kuma tana tare hanya lokacin sallar asuba. Malam Idi zai sa lebura biyu su yashe kwatar ranar Litinin, 19 ga Mayu. Daga yau tifa za ta shigo ne tsakanin ƙarfe 7:00 na safe da 5:00 na yamma kawai. Malam Hamisu zai sanar da gidajen layin ranar zubi tun Juma'a, 23 ga Mayu, saboda ƙarar inji.

7. Taro na gaba

Asabar, 24 ga Mayu, 2025, ƙarfe 10:00 na safe, a filin ginin. Kowa ya zo da rahoton abin da aka ɗora masa. Sakatare zai raba wannan bayani yau kafin la'asar. Mai gyara ya sanar da shi kafin azahar ta Litinin, 19 ga Mayu.

Malam Hamisu ya rufe taro da addu'a.

Alhaji Sa'idu, Shugaban Kwamitin Gini
Injiniya Bashir, Mai Sa Ido
Alhaji Nasiru, Ɗan Kwangila
Kabiru, Sakatare