Zuwa Ga Mai Askin Unguwarmu

Assalamu alaikum Malam,

Ga yarona nan na turo shi tare da yayansa, ni na tafi Kantin Kwari, ba zan dawo da wuri ba. Shekarunsa 4, kuma yana tsoron injin aski ƙwarai. Ƙarar ce ke firgita shi, musamman idan ta zo bayan kunnensa.

Don Allah kada a danne shi, kada a yi masa tsawa. Ka bar shi a cinyar yayansa, ka kunna injin daga nesa, ka ɗora a bayan hannunka, sannan a nasa, ya ji ba ya ciwo. Ka fara daga ƙeya. In ya fashe da kuka, ka ƙarasa da almakashi, ko bai yi kyau ba na yarda.

Kuɗin yana hannun yayan. Na gode, Allah ya ƙara kasuwa.

Baban yaron