Rumfar Bahago

Ƙarfe goma da rabi na safe Sadisu ya kashe babur a ƙofar wani gida a Hotoro, ya duba lambar da aka turo masa, ya kira. Wata mata ta leƙo da mayafi a kafaɗa, ta ce ya shigo soro, wai Baba ne ke son yi masa bayani da bakinsa.

Shekara uku ke nan yana aikin kai saƙo a Kano, ya kuma san cewa duk aiken da sai an zaunar da kai kafin a faɗa maka shi, ba na minti ashirin ba ne. Ya cire hular kwano ya durƙusa ya gaida tsohon da ke kan buzu. Idanun tsohon sun yi fari, yana kallon inda murya ta fito. A cinyarsa akwai gafaka ta jar fata, ta sha hannu har ta koma baƙi-baƙi, maratayinta ya tsinke.

"Kurmi za ka kai min ita," in ji tsohon. "Wurin wanda ya ɗinka ta. Ban yarda wani ya sa mata basilla ba."

"To Baba, yaya sunansa?"

"Ban tambaya ba."

"Lambar waya fa?"

Matar ta kawar da kai tana danne dariya. Tsohon bai kula ta ba.

"In ka shiga ta wajen masu turare, ka yi ta tafiya har ƙamshi ya ƙare, warin jima ya fara. Za ka sauka matakala uku. Rumfar tana da azara guda a tsakiya, an rataye rediyo a jikinta. Mutumin bahago ne. Shekarar canjin kuɗi na saya."

"Ashe ba a daɗe ba. 2023 ke nan."

"Na soja nake nufi, yaro. 1984."

Sadisu ya dubi matar. Ta ɗaga masa yatsu uku, ta ƙara rabi: dubu uku da ɗari biyar. Ya lissafa man da zai ƙona zuwa cikin gari da dawowa, ya tuna akwai atamfofi biyu da zai ɗauka a Kantin Kwari ƙarfe ɗaya, duk hanya ɗaya ce. Ya karɓi gafakar da hannu biyu. An riga an cire Alƙur'anin, amma duk da haka bai jefa ta akwatin bayan babur ba, inda jiya miyar wata ta zube. A ƙirji ya sa ta, cikin riga.

Ya shigo ta Ƙofar Nassarawa, ya bi ta gaban gidan Sarki, ya gangara. A bakin kasuwa ya ba wani yaro mai gadin babura ɗari biyu, don lungunan Kurmi ko mai baro sai ya yi ta "gafara dai, gafara dai" kafin ya wuce. Ya buɗe taswirar waya saboda sabo. Shuɗin ɗigon ya tsaya a tsakiyar wani fili fari fat, babu layi ko ɗaya, sai Jakara da aka ja kamar zare a gefe. Caji kashi talatin da ɗaya. Ya mayar da ita aljihu.

Masu turare ba su yi wuyar samu ba, sai dai ba wuri guda suke ba. Ya bi layin farko, ƙamshin turaren wuta da humra ya raka shi har ya ƙare a kan masu tasbaha da hulunan zanna. Ya dawo. Layi na biyu ya kai shi wajen masu littattafai, inda aka jibge Ahalari da Ishmawi da alluna sababbi. A na uku ne hancinsa ya ji abin da tsohon ya faɗa, wannan wari mai tsami na fatar da ba ta daɗe da barin majema ba. Ya yi murna, ya hau neman matakala.

Babu matakala. Ƙasa a shafe take da siminti tun daga farkon layin har ƙarshe.

"Samari, me ake nema? Tumtum? Jakar mata? Akwai takalmi, fata zalla."

"Bahago nake nema."

"Bahago! Ai ka zo. Kai Ɗanlami, raka shi wurin Bahago."

Ɗanlami ya yi gaba da sauri, Sadisu na biye, suka karya kwana huɗu, suka tsallake kwata, suka ratsa ta wajen masu sirdi da linzami. Yaron ya tsaya gaban wani ƙato mai sayar da kwaɗo da sarƙa, wanda bai fi shekara talatin da biyar ba. Bahago ne kuwa, da hagu ya miƙo hannu. A 1984 ko haihuwarsa ba a yi ba. Ɗanlami dai ya tsaya sai da aka ba shi ɗari.

Bahago na biyu ya rasu, ɗinkin hula yake yi. Na uku wanzami ne.

Wayar ta yi ƙara, mai atamfa ce. "Malam kana ina? Ɗaya saura fa." Ya ce yana hanya, go-sulo ne ya riƙe shi. Bai gama rufe baki ba wani mai baro ya daka masa tsawa daga baya, ta kuma ji. Ta ce in bai iso ba nan da rabin awa za ta kira wani.

Aka kira azahar. Ya yi alwala da ruwan leda, ya bi jam'i a wani ɗan masallaci da sahunsa ya fito har cikin layi. Da aka sallame ya zauna ya jingina da bango, ya zaro gafakar yana jujjuya ta, yana tunanin ya kai wa kowane baduku ya ɗinke maratayin. Tsohon ba gani yake ba. Minti goma an gama, ya kama atamfofinsa.

"Mu ga wannan."

Wani dattijo ne a gefensa, siriri, da tabarau ɗaure da zare. Ya karɓa, ya kai ta dab da hanci, ya bi ɗinkin da farce.

"Wa ya ce maka bahago ne ya yi wannan?"

"Mai ita, Baba. Da idonsa ya ga yana ɗinki da hagu."

"Da hagu aka yi, gaskiyarsa. Amma dubi nan." Ya nuna gefen murfin. "Bahago na haihuwa ɗinkinsa a jere yake kamar haƙoran mace, sai dai ya kwanta ta ɗaya gefen. Wannan kuwa wani taku dogo, wani gajere. Hannun aro ne. Zanen murfin kuma na gidan su Ilu ne, su ke yin wannan tauraruwa mai kusurwa takwas da ɗigo a ciki. Ubansu haka yake yi."

"Suna nan?"

"Ina za su? Mu nan tun zamanin Sarki Rumfa ake gadon rumfa." Ya yi dariyar maganarsa shi kaɗai. "Koma layin masu fata. Rumfa ta shida a dama."

"Na bi ta nan sau uku, Baba. An ce akwai matakala uku."

"Kana tafiya a kansu. Ruwa ya dame mu duk damina, aka yi ciko aka zuba siminti."

Rumfa ta shida a dama jakunkunan makaranta ne na roba rataye tun daga sama har ƙasa, da bel-bel 'yan China, shi ya sa idonsa bai tsaya a kanta ba. Wani saurayi ne a gaba yana danna waya, shi ne ma wanda ya haɗa shi da Ɗanlami. Sadisu ya sunkuya ya leƙa ta ƙarƙashin jakunkunan. Ciki ya fi waje zurfi, kamar rami. Ga azara a tsakiya, ta yi baƙi tana sheƙi. Ga ƙusa a jikinta, an rataye cajar waya. A gindinta wani tsoho na zaune yana yanka fata, da hannun dama.

Ya yi sallama ya miƙa gafakar, bai ce komai ba.

Malam Ilu ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "Inna lillahi. Ashe tana nan." Ya ɗago babban yatsansa na dama, kansa a motse, babu farce. "Ɗan karkare ne ya kama ni a shekarar. Wata biyu ban riƙe basilla da dama ba, ga iyali. Abu biyar na ɗinka da hagu, huɗu layu ne, sun tafi can. Wannan ce kaɗai ke da zanen gidanmu a jiki. Na ce wa mai ita ya dawo bayan salla in sake masa, bai dawo ba." Ya juya ta. "Dubi wannan abin kunya. Farke ta zan yi gaba ɗaya."

"Baba, maratayi kawai aka ce."

"Kira min shi."

Caji kashi tara. Sadisu ya kira matar, ta kai wa mahaifinta, ya sa a lasifika. Gaisuwa kaɗai ta ci kashi biyu: iyali, jiki, zafi, kasuwa, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Da aka zo kan magana tsohon Hotoro ya ce sam.

"Malam, idona ya tafi shekara shida. Da wannan karkataccen ɗinkin nake gane gabanta da bayanta. In yatsana ya zo kan dogon takun nan na kusa da bakin, na san nan ne buɗewa. Kada ka gyara min shi."

"Alhaji, sunan gidanmu ne a jiki."

"Ni kuma hannuna ne a jiki, shekara arba'in."

Malam Ilu ya yi shiru, yana shafa dogon takun da yatsan nan mara farce.

"To maratayin da wane hannu zan yi?"

Kafin amsa ta zo wayar ta ɗauke.

Suka dubi juna. Saurayin gaban rumfa ya miƙo hannu ya karɓi wayar ya sa a cajar da ke jikin azara. Ko ba a faɗa ba, Sadisu ya san atamfofi sun tafi da wani.

"Ka dawo ranar Alhamis," in ji Malam Ilu. "Irin wannan jar fatar sai na aika majema, ta yanzu ba ta kama launi haka."

"Alhamis ina Bichi, Baba. Abokina zan turo. Ba ni lambarka."

"Ta yaron nan ce, kuma rabin yini a kashe take. Ka dai kwatanta masa."

Da wayar ta farfaɗo, Sadisu ya gwada tura wa Nura lokeshan. Ɗigon ya yi tsalle ya sauka a tsallaken Jakara. Ya goge. Ya danna maɓallin murya, ya kai wayar bakinsa.

"Nura, ka ji. In ka shiga ta wajen masu turare, ba layin farko ba, ba na biyu ba. Ka yi ta tafiya har ƙamshi ya ƙare. Akwai matakala uku, amma ba za ka gan su ba. Kuma don Allah kada ka ce Bahago kake nema."