Buƙatar Soke Hayar Masaukin Shafinmu na Intanet

Kantin Kwari, Kano
3 ga Maris, 2025

Zuwa ga Sashen Kula da Abokan Ciniki,

Assalamu alaikum. Ni ce mai kamfanin atamfa da ke da asusu mai lamba 40718 a wurinku. Tsohon ma'aikacinmu ne ya buɗe shi a 2022 da imel ɗinsa na kansa, kuma ya bar aiki tun Janairu. Duk saƙonninku wurinsa suke zuwa, kuɗin kuwa daga katin kamfani ake cira.

Ina so a soke hayar daga 31 ga Maris, ranar da kuɗin da muka biya zai ƙare. Ku kashe Auto-Renew yanzu, ku cire katinmu, ku kuma toshe wa tsohon ma'aikacin hanyar shiga cPanel da FTP.

Don Allah a lura, masaukin kawai nake sokewa, ban da sunan shafin. Idan ya kuɓuce, wani zai iya saye, alhali yana jikin ledojinmu da rasitanmu. Ku mayar da rajistarsa da sunan kamfani, ku buɗe kullensa, ku aiko mini da EPP code.

Kada a goge komai kafin mu sauke cikakken kwafin fayiloli da rumbun MySQL da akwatunan imel uku. Imel ɗin ne ya fi damuna, domin odar dilolinmu tana ciki.

Na haɗo takardar rajistarmu ta CAC, da katin shaidata, da bayanin banki mai nuna biyan ƙarshe. Ina jiran tabbaci a rubuce cikin kwana 7, ta adireshin da na aiko wannan wasiƙa.

Na gode,
Shugabar Kamfani