Babu lakcar gobe Talata, za mu rama ranar Asabar ƙarfe 9

Assalamu alaikum ɗalibai,

Lakcarmu ta Tarihin Daular Sakkwato ta gobe Talata 14 ga Oktoba, wadda muke yi ƙarfe 10 zuwa 12, ba za ta yiwu ba. Kada kowa ya zo. Za mu rama ta ranar Asabar ɗin nan 18 ga Oktoba, daga ƙarfe 9 na safe zuwa 11, a ɗakin lakca na 2 da ke bayan laburaren sashe, ba ajin da muka saba ba, don shi a kulle yake ranar Asabar.

Dalili kuwa, an sa wa mahaifiyata gobe da safe za a yi mata aikin ido a Kano, mun fi wata biyu muna jiran ranar sai ɗazu bayan la'asar aka kira ni daga asibiti, kuma ba wanda zai kai ta sai ni. Ku yi haƙuri da ƙurewar lokaci, musamman masu zuwa daga cikin gari da kuɗin mota ke ci musu tuwo a ƙwarya, shi ya sa na ce bari in rubuto tun da daren nan. Ku sa ta a addu'a.

Na san Asabar ba ta yi wa kowa daɗi ba, wasu na tafiya gida wasu na da ɗaurin aure wasu kuma ranar ce ta wanki. Na duba jadawalinku tare da Nura wakilin aji, Laraba da Alhamis a cike kuke har yamma, Juma'a kuwa kun san bayan masallaci ba a samun kowa, to Asabar ɗin ce kawai ta rage. Zan ɗauki atandans kuma yana cikin lissafi kamar na kowace lakca. Wanda ke da uzuri na gaske ya turo mini saƙo ta wannan imel ɗin kafin ranar Alhamis da daddare, ba sai an gama lakca a tare ni a bakin ofis ana Malam wallahi ban ji ba.

Abin da za mu yi: mun tsaya a hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, to daga nan za mu ɗora. Yaƙin Tabkin Kwatto na watan Yunin shekarar, inda jama'ar Shehu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo suka kori rundunar Yunfa Sarkin Gobir, sai Tsuntsuwa da Alwasa, har zuwa faɗuwar Alƙalawa a 1808. A Tsuntsuwa da Alwasa zan fi daɗewa, saboda na lura yawancinku kun ɗauka daga Kwatto nasara ce kawai ta yi ta zuwa har aka gama, alhali a waɗannan wurare biyu jama'a sun sha kashi sosai, an rasa malamai da mahaddata masu yawa, ga yunwa ga ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan. Ku karanta shafi na 21 zuwa 34 na handawut kafin ku zo, kuma kowa ya taho da taswirar da na raba makon jiya, wadda na ga wasu sun naɗe gyaɗa da ita. Ba za mu dogara da furojekta ba tunda ranar Asabar ba a tayar da janareta.

Af, na gama makin asaimen ɗinku na farko, zan zo da shi ranar. Mutum goma sha ɗaya sun rubuta wai Shehu ne ya gina birnin Sakkwato, kuma da kalmomi iri ɗaya har da kuskuren rubutu iri ɗaya, Allah ya shirya. Muhammadu Bello ne ya gina shi a 1809, Shehu sai a 1815 ya taso daga Sifawa ya koma can, ya rasu a 1817. Za mu yi maganar kwafe-kwafen nan ranar Asabar.

Tes ɗin da muka sa ranar Talata 28 ga Oktoba yana nan daram bai motsa ba, kuma abin da za mu yi ranar Asabar yana ciki.

Nura, don Allah ka tura wannan saƙon a guruf ɗin WhatsApp yanzu, sannan gobe da sassafe ka rubuta a allon aji saboda waɗanda ba su da data. Ka karɓi makullin ɗakin lakca na 2 a wajen sakataren sashe ranar Juma'a kafin a tashi, na riga na yi masa magana.

Wayata za ta kasance a kashe gobe har yamma. Sai mun haɗu ranar Asabar in sha Allah.

Malaminku,
Dakta Kabiru