Neman Izinin Kwana Uku

Zuwa ga Shugabar Sashen Ma'aikata,

Assalamu alaikum, Hajiya.

Ina neman alfarmar izinin kwana 3, daga Laraba 12 zuwa Juma'a 14 ga Nuwamba. Za a yi wa mahaifiyata aikin ido a Kaduna, kuma babu mai kai ta sai ni.

Na san har yanzu ina cikin wata 6 na gwaji, hutu bai zama haƙƙina ba tukuna. Idan ta kama a cire kwanakin daga albashina, na amince.

Zan kammala lissafin kayan sito ran Talata. Malam Sani ya yarda ya riƙe makullan, shugaban sashenmu ma ya sani. In Allah ya yarda, Litinin da safe ina bakin aiki.

Na gode.

Naku,
Aminu Garba
Sashen Sito