Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Kan Kuɗin Ƙwai

Kano, 15 ga Afrilu, 2024

Assalamu alaikum Hajiya,

Barkanmu da Sallah. Da fatan kina lafiya, ke da su Alhaji da yara, Allah Ya karɓi ibadunmu.

Hajiya, wata uku ke nan ina juya wannan magana a raina, nauyinki ya hana ni furta ta. Amma gara ki ji daga bakina da ki gani a rasit. Daga 1 ga Mayu, kiret ɗin ƙwai zai tashi daga naira 3,400 zuwa 3,800.

Kin fi ni sanin kasuwa, sai dai bari in nuna miki ta wajenmu. Kajinmu 2,000 ne, kullum ta Allah suna cinye buhu tara zuwa goma na abinci mai kilo 25, ko sun yi ƙwai ko ba su yi ba. Masara da waken suya da muke haɗa abincin da su kuwa, duk zuwan da zan yi Dawanau sai na tarar da sabon kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mai motar da ke ɗauko mana kaya ya ƙara sau uku, kuma ban ga laifinsa ba. Ga zafin nan na bazara: da rana kaji sai haki da shan ruwa, ƙwai ya ragu. Wani ya ba ni shawarar in rage waken suya in cika da dusa. Na ƙi, domin ke za ki fara ganewa, ƙwan zai ƙanƙance, masu saye su dawo miki da ƙorafi.

Shekara goma sha ɗaya kina ɗaukar kaya a gonar nan, tun marigayi Baba na da rai. Ban manta shekarar da ciwo ya shiga mana kaji ba, kika biya kuɗin wata biyu tun kafin a kai miki ko kiret ɗaya. Saboda haka naki 3,700 ne, kuma ba zan taɓa shi ba har ƙarshen Yuli, ko me kasuwa ta yi. Kiret 40 ɗinki na ranar Talata suna nan, kai wa shago kyauta kamar da, wanda ya fashe a hanya namu ne. Biya ma yadda muka saba, bayan mako biyu.

Idan kaka ta yi masara ta sauko, ni da kaina zan kira ki in rage.

Ranar Asabar bayan la'asar zan shigo gida in gaishe ki, in Allah Ya yarda. In akwai abin da bai kwanta miki ba, sai ki faɗa mini a zaune.

Allah Ya bar zumunci, Ya ƙara wa kasuwa albarka.

Ɗanki,
Musa