Takardar Izinin Aikin Wuta, Lamba 0417: Walda da Gurzar Ƙarfe a Sito na 2

Wurin aiki: benen ƙarfe na cikin sito, ɓangaren gabas, mita 4 daga ƙasa. Aikin: gurje tsohuwar walda daga ƙafafu uku na shingen bene da suka tsage, a sake walda su da injin lantarki. Ma'aikata: mai walda ɗaya da yaronsa, masu gadin wuta biyu. Izinin ya fara ƙarfe 8:30 na safiyar Talata, kuma a kashe inji ƙarfe 2:00 na rana ko aiki ya ƙare ko bai ƙare ba. Takardar ta wannan wuri ce, ta yau kaɗai. In aka koma wani gefen bene, ko aka canja mai walda, ta mutu, sai an yanki sabuwa. Ba a iya kwance shingen a kai shi shagon walda ba, shi ya sa aka yarda a yi a nan.

Abin da aka duba da ƙarfe 8:10

An kwashe duk abin da wuta ke ci har nisan mita 11 ta kowace fuska, sama da ƙasa: kwalaye, katakon ɗora kaya, gwangwanayen fenti da tina, tsummokaran mai. An share ƙura. Kantar kaya ɗaya da ba ta ɗaguwa an lulluɓe ta da bargon wuta har ƙasa. Leda ko tamfol ba sa maye gurbinsa. Daben benen ƙarfe ne mai huda-huda, tartsatsi zai zuba ƙasa kai tsaye, saboda haka an shimfiɗa bargo a ƙarƙashin wurin aikin, an killace ƙasan da igiya. An toshe ramin da wayoyi ke ratsa bango, an kashe fankar zuƙe iska. Na'urar auna gas ta nuna 0% LEL, wato ba ta ji gas mai kama wuta a iska ba. An rufe na'urar jin hayaƙi ta wannan ɓangare kawai, bututun yayyafa ruwa kuwa yana aiki.

A kula da bangon gabas. Falle biyu ne na kwano da soso a tsakiya. Soson kan kama daga ciki, ya yi ta ci ba a gani, sai hayaƙi ya ɓullo can wani wuri. Kada a juya injin gurza ta inda tartsatsi zai doki bangon, kuma an kafa allon kwano tsakaninsa da wurin aiki.

Lokacin aiki

A maƙala wayar at, wato wadda ke mayar da lantarki zuwa inji, a jikin shingen, dab da inda ake walda. In aka maƙala ta nesa, lantarki zai nemi hanyarsa ta kusoshi da bututu, ya zafafa wurin da babu mai kallo. Guntayen sandar walda a zuba su cikin bokitin ƙarfe.

Mai gadi ɗaya yana sama, ɗaya yana ƙasa, kowanne da tukunyar kashe gobara ta hoda mai kilo 9 a kusa da hannunsa, da rediyon hannu. Ba su da wani aiki sai kallo. Ba miƙa kaya, ba riƙe ƙarfe, ba aike. Kowannensu na da ikon tsayar da aiki ba tare da ya tambayi kowa ba. In ɗaya zai gusa, ko na minti biyu ne, a kashe inji. Idan wuta ta kama, a fara danna ƙararrawar da ke bakin matakala, sannan a ɗauki tukunya. In ta fi ƙarfin tukunya ɗaya, kowa ya fita.

Gadi bayan an kashe inji

Masu gadi za su tsaya minti 60 cur daga tartsatsi na ƙarshe, har da lokacin hutun cin abinci in ya faɗo ciki. In aka sake taɓa inji don ɗan gyara, lissafi ya koma farko. A nan ne aka fi yin sakaci: mai walda ya naɗe waya, wuri ya yi tsit, kowa na ganin an gama, alhali ɗigon narkakken ƙarfe kamar ƙwayar gero yana kwance cikin ƙura a bayan ginshiƙi.

Gadin ba zama kan kujera ba ne. A zagaya sama da ƙasa da bayan bangon gabas. A ɗaga barguna a leƙa ƙarƙashinsu, a kai bayan hannu kusa da kwanon bango a ji ko da ɗumi, a bi ƙauri da hanci, domin sau da yawa shi ke riga hayaƙi. Saboda soson bangon, bayan awa ɗayar mai kula da sito zai riƙa leƙowa duk minti 30 har tsawon awa 3, yana rubuta lokacin a bayan takardar nan. Da wannan lissafi aka sa ƙarfe 2:00, don duba na ƙarshe ya faɗo ƙarfe 6:00, kafin a kulle sito.

Jami'in tsaron lafiya, mai walda da masu gadi biyu sun sa hannu ƙarfe 8:25. Kwafi ɗaya na rataye a bakin matakala. Ba za a rufe izinin ba sai an mayar da na'urar jin hayaƙi bakin aikinta, jami'in ya hau benen da kansa ya gani, ya sa hannu na biyu.